Yadda Na Goge Nishida-san Daga Fim Ɗin Mutane

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar da na yi a Lyon ba, duk da Allah Ya sani na yi iya ƙoƙarina in manta. Har yau idan na ji wani ya ce "san" a bayan sunan mutum, ko a cikin metro ne, sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Bari in fara daga farko, don ku san irin mutumin da nake a lokacin. Na baro Damagaram na zo Faransa karatun fassara, na gama master a Saint-Denis, na ɗauka washegari za a fara layi a ƙofar ɗakina ana roƙona aiki. Ba wanda ya zo. Shekara biyu na yi ina gadin wani kantin tufafi, tsaye tun safe cikin baƙar kwat, ina leƙa jakar mata. Idan an kira daga gida an tambayi aiki, sai in ce ina harkar tsaro (ba ƙarya na yi ba, ai tsaron ne).

To ana nan sai Allah Ya kawo wani ɗan kamfani a unguwar Belleville cikin Paris, ɗaki biyu a saman wani gidan abinci, masu yin sutitir, wato rubutun fassarar da ke fitowa a ƙasan allo idan ana kallon fim. Galibin aikinsu anime ne, fina-finan zanen Japan. Mai kamfanin wata mata ce, Hélène, mai saurin magana da saurin dariya. Ta ce za ta gwada ni wata uku, idan hannuna ya yi kyau ta ba ni kwantara ta dindindin. Kun ji abin da nake nema ke nan, kujera da tebur, da in daina tsayuwa a bakin ƙofar kanti har ƙafafuna su kumbura.

Ni ba na jin Japananci, kuma ba a ɗauke ni don shi ba. Mai fassarar daban ce, wata dattijuwa Bajapaniya mai suna Mariko da ta daɗe zaune a Lyon. Ita ke juyo maganar daga Japananci zuwa Faransanci, ta turo mana. Aikina in gyara Faransancin ya zauna daidai, in tabbatar kowane layi bai wuce haruffa arba'in da 'yan kai ba, layi biyu kawai a allo, kuma rubutun ya shigo lokacin da baki ya buɗe, ya daɗe gwargwadon yadda ido zai iya karantawa. Aikin ƙirga haruffa ne, kuma wallahi na iya shi. Matsalar ita ce na ɗauka na iya sauran ma.

Ranar da muka fara magana da Mariko ta bidiyo, na yi shiri. Na kwana biyu ina kallon anime, na ji kowa ana sa masa "san", sai na ɗan rusuna a gaban ordinatar, wato kwamfuta, na faɗi sunana, na liƙa masa "san" a baya. Ta yi murmushi irin na manya, ta ce, "Wannan ba a sa wa kai. Wasu ne ke ba ka shi." Wato dai na tashi a gaban baƙuwa na kira kaina Mai Girma. Hélène ta juya baya tana tari, ni kuwa na ce a zuciyata wannan harshe ya cika fi'ili.

Babban aikin da aka ba ni shi ne wani fim na 'yan makarantar sakandare, wanda za a fara nunawa a wani ƙaramin bikin fina-finai a Lyon. Labarin mai sauƙi ne. Yaro mai kunya, Mori, da yarinya 'yar ajinsu da ba ta cika magana ba, sun haɗu a ƙungiyar masu kiɗa ta makaranta, suna ta kewaye-kewaye har shekara ta ƙare. Da na buɗe fassarar Mariko sai raina ya ɓaci. Yarinya ɗaya, suna huɗu! 'Yan aji da shi Morin suna ce mata Nishida-san. Uwarta na ce mata Sayo. Kakarta da ƙawarta ta yarinta na ce mata Sayo-chan. Wata 'yar ƙaramin aji kuma ba ta ma kiran sunan, sai dai senpai, senpai, har kai ya yi ciwo. Ga sensei ana ce wa malamin kiɗa, can kuma a asibiti ana ce wa likita sensei. Na ce wannan ai ba fassara ba ce, matar nan rabin aikin ta yi ta gaji.

Na kira ta (da muryar wanda ya kama ɗalibi da laifi) na ce, "Madam Mariko, kin bar kalmomi da yawa ba ki fassara ba."

Ba ta ji haushi ba. Ta gyara tabarau ta yi mini karatu, kuma zan faɗa muku shi yadda ta faɗa, don shi ne karatun da na ƙi ɗauka kyauta na zo na saye shi da mutuncina.

Ta ce Nishida sunan gidansu ne, Sayo kuma sunanta na yanka. A Japan, mutumin da ba na jikinka ba da sunan gidanku yake kiranka, ya ƙara "san", ko namiji ko mace, ko da aure ko babu. Ba girmamawa ce mai nauyi ba, ladabin yau da kullum ne, tazarar da ta dace tsakanin mutum biyu da ba su saba ba. "Kun" galibi na samari ne, sa'anni ko na ƙasa da kai, shi ya sa Sayo ke cewa Mori-kun (ko da yake, in ji ta, a ofis babba kan iya ce wa ƙaramar ma'aikaciya "kun" ma). "Chan" na shagwaɓa ne, na yara da ƙawaye na kusa da kyanwar gida, har kaka ana ce mata obaa-chan don ƙauna. Ka ce wa matar da ba ka sani ba "chan", ka yi rashin kunya. "Sama" yana can sama, na abokin ciniki a kanti, na bayan ambulan, na abin bauta, kuma idan aboki ya ce wa aboki "sama" to tsokana ce. Senpai wanda ya riga ka shiga makaranta ko wurin aiki ne, ko da shekara ɗaya, kana ba shi girma shi kuma yana kula da kai. Sensei kuwa ba malamin aji kaɗai ba, har likita da lauya da marubuci.

Ta ce, "Sannan akwai wanda ya fi su duka nauyi, shi ne a kira sunan yanka tsirara, babu komai a bayansa. Muna ce masa yobisute. Iyaye ke yi, ko aminai, ko masoya. Wanda bai kai ba idan ya yi, cin fuska ne."

Na ce, "To ai Faransanci yana da tu da vous. A sa vous inda ake ladabi, tu inda aka saba, shi ke nan."

Ta ce haka ne, kuma masu fassara da yawa haka suke yi, musamman idan fim na kowa da kowa ne, na talabijin ko na yara. Sukan cire waɗannan kalmomi, su mayar da nauyinsu cikin tu da vous, ko cikin yadda aka tsara magana. Ba laifi ba ne, ita ma ta sha yi. Wasu kuma sukan bar su, tun zamanin da masoya anime ke fassara da kansu suna sa ɗan bayani a saman allo, har masu kallo suka saba. "Amma tu da vous mataki biyu ne kawai, mu namu sun fi haka. Kuma 'yan aji ɗaya a Faransa ba sa ce wa juna vous, balle Mademoiselle Nishida, sai a ɗauka wasan kwaikwayon zamanin da ne. Ga shi masu zuwa bikin nan kunnensu na jin 'san' ɗin da kyau, idan ido bai gani ba sai su san an ɓoye musu wani abu. Kowane fim da abin da yake buƙata. Wannan fim ɗin a kan sunan aka gina shi, shi ya sa na bar su."

Sai ta tambaye ni, "Kai a harshenku, babban wanka da sunansa kake kiransa?"

Na yi dariya na ce wa ya isa? Yaya nake cewa. Na ma ƙara mata da cewa innata har yau ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, kuma ko ni nan ban taɓa jin ta kira sunan babanmu ba, sai dai Malam.

"To idan wata rana ta kira shi da sunansa fa?"

Na ce, "Ai sai a tara dangi."

Ta ce, "To ka gane ke nan."

Na ce na gane. Ban gane komai ba. A raina cewa na yi wannan al'adarmu ce ta gida, mai tushe, ina ita ina zanen yara masu manyan idanu? Kuma ni ga ni da master, an koya mini cewa mafassarin kirki ba ya barin mai karatu cikin duhu. Uwa uba, kowane "san" haruffa huɗu yake ci mini har da ɗan layin da ke haɗa shi da suna, ni kuwa harafi ɗaya ma faɗa nake yi a kansa.

Ranar Litinin muka yi abin da ake kira simulasiyon, wato a zauna a kalli fim ɗin da rubutun tun daga farko har ƙarshe, a gyara abin da ya saura. Hélène na gefena, Mariko na kan bidiyo. Na so in ce na kalla da hankali, amma gaskiya idona na kan ƙirgar haruffa, kuma wajen ƙarshen ma na fita amsa wayar kawuna. Da aka gama Hélène ta ce komai ya yi, saura layi biyu da ke shigowa da wuri, in gyara lokacinsu in tura wa masu haɗa kwafin sinima kafin Laraba. Ta dafa kafaɗata ta ce bayan Lyon za mu zauna maganar kwantara.

Layi biyu aka ce in taɓa. Ku riƙe wannan.

Ranar Talata da hantsi ina ni kaɗai a biro, wato ofis, na gyara layi biyun cikin minti biyar, sai na zauna ina kallon fayil ɗin. Wani tunani ya zo mini, irin wanda ke zuwa wa mutum idan ya ƙoshi. Na ce yanzu fa lokacin nuna kaina ne. Idan aka ga fim ɗin ya fito tas, babu wani baƙon abu, kowa ya bi labari ba tuntuɓe, Hélène za ta tambayi wa ya yi wannan, ni kuma in sunkuyar da kai cikin tawali'u. Har na tsara yadda zan yi tawali'un.

A manhajar da muke aiki da ita akwai wurin da za ka ce a nemo kalma kaza a musanya ta da kaza, a ko'ina, bugu ɗaya. Na rubuta Nishida-san, na ce a mayar Sayo. Na rubuta Sayo-chan, na ce a mayar Sayo. Mori-kun ya koma Mori. Senpai ma na ce ai Sayo ake nufi, a sa Sayo. Sensei na mayar "professeur", wato malamin makaranta, gaba ɗaya, har da likitan asibiti. Akwai itadakimasu, kalmar da suke faɗa kafin cin abinci, wadda Mariko ta fassara da "na karɓa da godiya" (ta ce mai ci ne ke faɗa, godiya ce ga abincin da duk wanda ya wahala a kansa, ko mutum shi kaɗai ne yana faɗa). Na ce wannan tsawo ne, na mayar "bon appétit", wato a ci lafiya, abin da Bafaranshe ke ce wa wanda zai ci abinci. Injin ya nuna mini ya canza wurare da yawa, na ji daɗi har da miƙa. Ban sake kallon fim ɗin ba, don a ganina wanda ya share ɗaki ba ya buƙatar a nuna masa ɗakin. Na tura.

Da abin ya tsaya nan ma da sauƙi. Amma sai na gayyaci mutane.

Kawuna, Alhaji, ƙanin innata, yana da sito a Aubervilliers inda yake sarin kaya yana aikawa Yamai da Maraɗi. Shi ya riƙe ni da na zo ƙasar nan. Na je na same shi, muka gaisa, ya tambayi aiki da gajiya da sanyi da labarin gida, sannan na ce, "Kawu, ranar Asabar za a nuna sunana a allon sinima a Lyon."

Ya ce, "Ikon Allah! Fim ka fara fitowa?"

Na ce a'a, fassara. Ya ce to ai duk allo ne, zai je, dama yana da mutanen da zai gaisar a unguwar Guillotière ta can Lyon. 'Yarsa Nana kuwa, taubashiyata, ma'aikaciyar jinya da aka haifa a nan, wadda ta tashi da anime tun tana rarrafe kuma ba ta taɓa barin kuskurena ya kwana ba, ta ce, "Kai? Anime? Ai ko da ƙafa ne zan je in ga wannan abin al'ajabi."

Muka hau TGV, jirgin ƙasa mai gudu, daga tashar Gare de Lyon ta Paris da safe, ni da babbar riga sabuwar guga, ina yi wa Kawu bayanin wahalar aikin fassara har muka wuce rabin hanya. Ƙarfe uku na rana aka fara. Ɗakin ya cika, yawanci matasa, wasu da gashin kanti shuɗi da ja, mutanen da suka san "san" da "chan" fiye da yadda na san sunayen ƙannena. Hélène da Mariko na layin gaba. Mu muna tsakiya, Kawu a damana, Nana a haguna.

Minti goma na farko na zauna kamar ango. Sai Mori ya fara yi wa yarinyar magana a karon farko, yana rawar murya, kowa ya ji ya ce "Nishida-san", rubutu kuma ya ce "Sayo". Wani a bayanmu ya ce, "Hein?" Na ga kan Mariko ya ɗan karkata wajen Hélène. Nana ta matso ta raɗa mini, "Yaushe suka saba haka?" Na ce ta yi shiru ta ga aiki.

Aka zo inda 'yar ƙaramin aji ta rugo tana kiran senpai, tana rusunawa har ƙasa, rubutu ya ce "Sayo!" kamar wata sa'arta. Aka zo asibiti, kaka na kwance, uwar ta kama hannun likita ta ce "professeur", Kawu ya juyo ya ce, "Malamin lakwal ne ke duba marasa lafiya a ƙasarsu?" Na ce e, wani lokaci. Aka zo inda Mori ke zaune shi kaɗai a ɗaki, iyayensa ba sa nan, ya haɗa tafukansa a gaban ɗan kwanon shinkafa, wurin da aka shirya don a tausaya masa, sai ga shi yana yi wa bango "bon appétit". Nan aka fara dariya ƙasa-ƙasa. Na ce a raina ba komai, ƙananan abubuwa ne, ƙarshen zai wanke ni.

Ƙarshen kuwa ga yadda yake. Ranar rabuwa, an gama makaranta, su biyu a kan gada, kiɗa ya yi ƙasa. Shekara guda yaron nan yana ce mata Nishida-san, bai taɓa kuskuren tsallake wannan ba. Yarinyar da ba ta magana ta tattaro duk ƙarfin zuciyarta, ta dube shi. Abin da Mariko ta rubuta shi ne, "Ka daina ce mini Nishida-san. Ka ce mini Sayo." Nan fim ɗin gaba ɗaya yake, don wannan ne "ina son ka" ɗinta, ba ta da wani.

Abin da ya fito a allo, da manyan haruffa farare, a gaban jama'ar Lyon da kawuna, shi ne:

"Ka daina ce mini Sayo. Ka ce mini Sayo."

 Sai yaron fim ya zaro ido, fuskarsa ta yi ja, ya ce, a rubutuna, "Amma Sayo, ba zan iya ce miki Sayo ba." Ita kuma ta ce, "Don Allah. Sau ɗaya kawai." Ya runtse ido, kiɗa ya tashi, ya ce, "Sa... Sayo." Ta fashe da kukan daɗi, saboda ya kira ta da sunan da ya yi awa ɗaya da rabi yana kiranta da shi.

Jama'a, ban taɓa jin dariya irin wannan ba. Wani ya faɗo daga kujera. Wata ta ɗaga murya daga baya ta ce wa ƙawarta, "Ka daina ce mini Julie, ka ce mini Julie!" aka sake kecewa. Nana ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa, hawaye na zuba, ta kasa ko tsokanata. Kawu kuwa bai yi dariya ba. Ya juyo da gaske, cikin damuwa, ya ce da ƙarfi yadda layi uku za su ji, "Wai yarinyar nan aljanu gare ta?"

Na so ƙasa ta tsage in shige da babbar rigata. Sai sunaye suka fara hawa allo, ga na Mariko a matsayin mai fassara, ga nawa a ƙasansa. Kawu ya nuna da yatsa ya ce, "Ga ka can! Masha Allah!" ya fara tafi shi kaɗai.

Aka kunna fitilu. A tsarin bikin, mai fassara za ta hau dandamali ta amsa tambayoyi. Mariko ta hau a hankali, ta zauna, ta ɗora hannuwa a cinya. Tambayar farko wani saurayi ne ya yi, cikin ladabi mai ciwo, ya ce shin Madam ta kalli fim ɗin kafin ta fassara? Aka yi 'yar dariya. Matar nan da ta fi shekara ashirin tana wannan aiki ta sunkuya ta ce tana ba da haƙuri ga masu kallo da waɗanda suka yi fim ɗin, kuskure ne daga wajenmu. Wajenmu ta ce. Ba ta ko dubi inda nake ba, kuma wannan ya fi mari zafi.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, da wata siririyar murya da ban san ina da ita ba, ba ita ba ce, ni ne, ita ta rubuta daidai, ni na bi na goge bayan an gama dubawa. Jama'ar ɗakin suka juyo gaba ɗaya. Saurayin ya ce, "Me ya sa?" Na buɗe baki, duk karatun master ya gudu, abin da ya fito shi ne, "Don a fi ganewa." Wannan ya jawo dariya ta biyu, wadda ta kusa kai ta farko.

A waje na je na tsaya gaban Mariko ina haɗa haƙuri da Faransanci da Hausa. Ta saurare ni har na gama. Ta ce ta gode da na tashi na faɗa, ba kowa zai yi ba. Sannan ta ce, "Wanda ya yi fim ɗin nan shekaru ya yi yana shirya wannan minti ɗayan. Mutanen da ke ɗakin nan ba za su sake kallonsa karon farko ba." Ta ɗan rusuna ta tafi. Hélène kuwa ko kallona ba ta yi ba, tana can tana waya da masu rarraba fim ɗin, hannu ɗaya a goshi.

A jirgin komawa Nana ta yi wa Kawu bayani da Hausarta ta 'yan Paris. Ta ce, "Baba, ka ɗauka Mama ta yi shekara talatin tana ce maka Alhaji, rana ɗaya ta kira sunanka. To shi wannan gwanin sai ya sa tun ranar ɗaurin aure da sunan take kiranka." Kawu ya yi salati. Ya dube ni tun daga hula har takalmi ya ce, "Kai da ko sunan yayanka ba ka iya faɗa, ka je ka tuɓe sunan 'yar mutane tsirara a bainar jama'a? Me aka koya maka a Saint-Denis ɗin?" Na ce fassara, Kawu. Ya ce, "Allah Ya kyauta," ya juya wajen taga. Nana kuwa tun daga Lyon har Paris ba ta kira ni da komai ba sai sensei.

Lahadi ban fita ba. Na rubuta wa Hélène saƙon ban haƙuri sau shida ina gogewa, na gyara fayil ɗin ya koma yadda Mariko ta yi shi, na tura. A raina ina cewa wataƙila ta huce, ai mace ce mai dariya, wata uku muna cin abincin rana tare, tana kirana da sunana har tana gutsure shi, tu take ce mini tun ranar farko.

Litinin da safe wayata ta yi ƙara, na ga ita ce. Na miƙe tsaye kafin in ɗauka, na gaishe ta da fara'ar da na aro.

Ta ce, "Bonjour, Monsieur," ta haɗa da sunan mahaifina. "Ina fata ban dame ku ba."

Ku, wato vous. Monsieur. Na koma na zauna a bakin gado. Ta yi magana ta kusan minti biyar, cikin ladabi mai kyau, game da amana da yadda ƙaramin kamfani ke rayuwa da sunansa, amma wallahi ban buƙaci ko ɗaya ba. Tun daga kalmar farko na san babu kwantara, na san baƙar kwat ɗina na jirana a bayan ƙofa.

To darasin da na koya ke nan, kuma kyauta nake ba ku, ni da tsada na saya. Idan kun ga mai fassara ya bar wata 'yar kalma a bayan sunan mutum, kada ku ce ya gaji ne, ku tambaye shi me take ɗauke da shi. Ni da na rantse irin waɗannan kalmomi ba sa ƙara komai sai cin wuri a allo, da guda ɗaya aka sallame ni daga aiki, kuma ban nemi a fassara mini ba.